Yadda za ka rarraba manoma a tsarin kasuwancinka

“Ina rubuta tsarin kasuwancin sayar wa ƙananan manoma taki da iri. A wurin kwastomomi na rubuta ‘ƙananan manoma’, aka ce bai isa ba. Yaya zan rarraba su?”

Malam, ni a ganina kada ka fara da girman gona. Fara da lokacin da kuɗi ke shiga hannun manomi, domin shi ne zai nuna maka abin da zai iya saye.

Ɗauki mutum biyu, kowanne da hekta 1. Na farko hatsi yake nomawa da damina don cin gida. Kuɗinsa na zuwa bayan girbi, amma taki yake nema lokacin shuka, aljihu ya riga ya bushe. Buhu mai kilo 50 ya fi ƙarfinsa. Ƙaramin ƙunshi yake so, ko bashi zuwa kaka. Na biyu mai noman rani ne, yana sayar da kayan lambu duk mako. Zai biya nan take, abin da ya dame shi kada a ba shi jabu.

Ga kowane rukuni ka rubuta abin da yake nomawa, watan da yake saye, da wanda ke yanke shawarar sayen, mai gida ne ko shugaban ƙungiya. Idan rukuni biyu suka buƙaci ƙunshi ɗaya, farashi ɗaya, a lokaci ɗaya, to haɗe su, rukuni ɗaya ne.