Lambar IPLV da zaɓen cila: amsa ga mai koyon aiki

"Oga, an kawo takardun cila guda biyu, kowacce tan 500. Ta farko mai infata ce, wato gudunta na sauyawa, IPLV ɗinta 0.353 kW/ton, ta biyu mai gudu ɗaya, nata 0.466. Guda uku za a saka a ɗakin injin. Ba sai mu ɗauki ta farko kawai ba, tunda ta fi ƙarancin cin wuta?"

Yaro, riƙe biro tukuna. Mai yiwuwa ta farkon ce za mu ɗauka a ƙarshe, amma ba wannan lambar za ta yanke mana hukunci ba.

IPLV lamba ce ɗaya da ke taƙaita wutar da cila, wato injin sanyaya ruwan gini, ke ci kan kowane tan na sanyi a lodi daban-daban. Ka fara sanin inda lambar ta fito. Ƙa'idar AHRI 550/590 ce ta tsara ta. Ana auna injin a matsayi huɗu na lodi: kashi 100, kashi 75, kashi 50 da kashi 25, sai a ba kowane matsayi nauyinsa. Idan da kW/ton ake lissafi, ga yadda yake:

```
IPLV = 1 / (0.01/A + 0.42/B + 0.45/C + 0.12/D)
```

A shi ne kW/ton na cikakken lodi, B na kashi 75, C na kashi 50, D kuma na kashi 25. Ka lura cikakken lodi kashi ɗaya tak aka ba shi, kusan duk nauyin yana kan B da C.

Abin da yawancin masu karanta takardar ke tsallakewa shi ne, ba lodi kaɗai ake ragewa a gwajin ba. Ruwan da ke shiga kondensa ma saukar da zafinsa ake yi. A cikakken lodi digiri 29.4 ne a ma'aunin Salshiyos, a kashi 75 ya koma 23.9, a kashi 50 da 25 kuma 18.3. Ruwan sanyin da ke fita kuwa yana nan a wajen 6.7. To aikin kwamfaresa kamar na mai hawa bene da kaya ne: akwai nauyin kayan, akwai tsayin benen. Lodi shi ne nauyin, tazarar da ke tsakanin matsin gas a ɓangaren sanyi da na kondensa ita ce tsayin. Kwamfaresa mai fanka, wadda ke cilla gas da ƙarfin juyawa, infata ba za ta iya rage mata gudu sosai ba sai wannan tazarar ta ragu. Saboda haka kyakkyawar lambar da kake gani a C, yawancinta ruwan digiri 18.3 ne ya kawo ta, ba raguwar lodi ba. Idan a wurin da za a girka injin iskar tana da zafi da laima har hasumiyar sanyaya ruwa ba ta iya ba ka ƙasa da 27 ko 28 a yawancin shekara, ribar nan a takarda za ta tsaya.

Na biyu, lissafin IPLV gini mai cila ɗaya tilo ya ɗauka, da matsakaicin yanayin wasu biranen Amurka. Cila ɗaya dole ta bi lodin gini duk inda ya sauka. Kai kuma uku za ka jera. A ce kana kunna ta gaba idan masu aiki sun kai kashi 90. Ta farko ta kai tan 450, ka kunna ta biyu, kowacce ta koma 225, wato kashi 45. Su biyun suka kai 900, ka kunna ta uku, kowacce ta ɗauki 300, kashi 60. Daga nan sai sama. Kashi 25 ɗin da aka ba 0.12, ba za ka gan shi ba sai lokacin da ginin gaba ɗaya ke neman tan 125 daga 1,500. Inda ake aiki dare da rana, wannan ba ya faruwa sai jefi-jefi.

Bari mu buga misali, alƙaluman na koyarwa ne amma suna kama da abin da ake gani. Mai infata: A 0.60, B 0.44, C 0.30, D 0.33. Mai gudu ɗaya: 0.55, 0.48, 0.44, 0.52. Ka saka a lissafin can, za ka samu 0.353 da 0.466 ɗinka, bambancin kusan kashi 24. Yanzu ka koma wurin mai sayarwa ka ce ya ba ka lambar kashi 75 amma da ruwan kondensa digiri 29. A ce mai infata ta ba da 0.57, ɗayar 0.55. Idan kashi 30 na sanyin da za ka samar a shekara a cikakken lodi ne, kashi 70 kuma a wajen kashi 75, duk da ruwa mai ɗumi, mai infata ta tashi 0.579, mai gudu ɗaya 0.55. Ka ga an juya. A cikakken lodi ma infata kanta tana cin wani abu kaɗan ta mayar da shi zafi, shi ya sa A ɗinta ya fi yawa. Amma da ruwanka yana sauka ƙasa da 20 watanni da yawa, mai infata za ta yi wa ɗayar fintinkau, ba ma a kusa.

Don haka abin da nake nema a hannun mai sayarwa ba lamba ɗaya ba ce. Jadawali nake so: lodi daga kashi 30 zuwa 100, kowanne da zafin ruwan kondensa uku ko huɗu. Za su iya fitar da shi, manhajarsu na yi cikin minti kaɗan. Kada NPLV, wato IPLV ɗin da aka buga da yanayin da ba na ƙa'idar ba, ta ruɗe ka. Tana gyara zafin ruwa na cikakken lodi zuwa na aikinka, amma nauyin nan na 0.01, 0.42, 0.45 da 0.12 yana nan daram.

Wannan jadawalin kuma shi zai gaya maka yadda za ka riƙa kunna su bayan an girka. Masu gudu ɗaya, tsohuwar ƙa'ida ta isa: ka cika wadda ke aiki kafin ka tayar da wata. Masu infata ba haka ba ne kullum. Gini na neman tan 400, ruwan kondensa ya yi sanyi. Guda ɗaya a kashi 80, a ce 0.45, kilowat 180 ke nan. Guda biyu a kashi 40, a ce 0.31, kilowat 124. Amma cila ba ta tashi ita kaɗai, da famfon kondensarta da na ruwan sanyinta take tashi. Ka ƙara musu kilowat 30, ya zama 154, har yanzu biyun sun fi. Ranar da ruwa ya yi zafi kuwa, guda ɗaya 0.57 ta ci 228, biyu a 0.62 su ci 248, ga famfo 30 a kai. Asara ce, kuma akwai abin da ya fi asarar wuta muni. Ƙaramin lodi da babbar tazarar matsi shi ke sa gas ya riƙa komowa baya ta cikin fankar kwamfaresa. Za ka ji injin na gurnani yana sassautawa yana sake ɗauka, ka ga lambar amfiya a allo tana hawa da sauka. Idan ka ji haka, kashe ɗaya ka bar ɗayar ta ɗauki lodin, kada ka tsaya kallo.

Kafin ka yarda cewa lokacin kunna ta gaba ya yi, ka dubi bambancin zafin ruwan da ke dawowa da wanda ke fita. Idan an tsara shi digiri 5.5 kai kuma 3 kake gani, ba sanyi ne ya kasa ba, ruwa ne ke zagayawa bai ɗauki zafi ba, kuma matsalar tana can wajen bawul da kwayil na ginin. Ka kuma sa jinkirin minti 15 zuwa 20 kafin ƙari ko ragi, don kada su riƙa tashi suna mutuwa. Gobe ka zo min da bayanan zafi da laimar wurin na shekara guda, da awannin aikin ginin, mu zauna mu fitar da namu nauyin.