Wane asusu zan buɗe wa shagona?

"Salam 'yan uwa, ina da ɗan shagon kayan masarufi, jarina bai wuce dubu 600 ba. A banki an ce min akwai sebin, akwai karent, akwai fikis. Wanne ya dace da ni?"

Wa alaikumussalam ɗan uwa. Shekarata 11 ina sayar da shinkafa da mai a Kano, kuma duka ukun na taɓa su, biyu sun ƙona ni.

Ka buɗe sebin kawai, amma cikakke, ka kai BVN da NIN da takardar wutan Nepa su ɗaga maka shi zuwa mataki na uku, don ƙaramin da ake buɗewa a waya ba ya riƙe sama da dubu 300, wata rana kwastoma zai turo kuɗi ka ga alat shiru, ga shi tsaye a gabanka yana rantsuwa ya tura. Kuma asusun na shago ne kaɗai, kar kuɗin cefane ya shiga ciki. Ɗan ruwan da suke sa wa sebin kar ma ka sa shi a lissafi, in ka cire kuɗi fiye da sau huɗu a wata sun soke na watan, mu kuwa kullum cikin cirewa muke.

Karent na buɗe shi ne don burga wallahi, sai da na nemo mutum biyu masu karent suka tsaya min, aka ba ni littafin cek, har yau ganye uku na yaga. A lokacin duk dubu ɗaya da ta fita suna cire naira ɗaya kuɗin kula da asusu, to ni kuɗina juyawa yake, a wata miliyan 3 kan fita zuwa wajen diloli, dubu 3 ke nan ban da haraji. Sai in za ka riƙa kai kaya kamfani ko makaranta masu biya da sunan shago, ko kana neman bashin banki, sannan yake da rana.

Fikis kuwa shi ya fi ba ni haushi. Na kulle dubu 500 na kwana 90, aka ce kashi 10, ashe a shekara ake nufi. Ribar wata ukun dubu 12 da 'yan kai, a cire kashi 10 na haraji saura wajen dubu 11. Sati biyar da kullewa dilana ya kira, shinkafa ta sauka da sauƙi ga azumi ya matso, na je na fasa, ribar duk ta tafi a tara, kafin kuɗin su fito bayan kwana biyu kayan sun ƙare. Da na sayi buhu goma, da sun ba ni fiye da dubu 11 ɗin nan.

Fikis na kuɗin da ba ka buƙata ne, kamar hayar shago da ka tara sai bayan wata shida za ka biya. In kuma kana gudun riba irin ta ruwa, Jaiz da TAJ suna da na mudaraba, raba riba ake yi. Da jarin dubu 600 dai ban ga abin kullewa ba tukuna.