Lissafin FMEA ya jefa matsala mafi haɗari ƙasa

Tambaya: Malam, an sa ni yin FMEA, wato tantance hanyoyin da inji zai iya samun matsala da illar kowacce, a kan bel ɗin jan kaya na masana'antarmu. Na zuba maki a Excel, sai igiyar tsayar da inji ta gaggawa ta faɗo ƙasan jerin. Ina na yi kuskure?

Amsa: Wataƙila ba ka yi ba, Malam, halin lissafin ne. Amma fara duba abu ɗaya. Kowace matsala tana samun maki uku daga 1 zuwa 10: munin ɓarnarta, yawan aukuwarta, da wuyar gano ta kafin ta yi ɓarna. Na ukun nan ne ke rikita mutane, domin a juye yake: 1 na nufin ba ta ɓuya, 10 kuma sai dai a wayi gari da ita. Idan makin yana ginshiƙan B, C da D, ga abin da ke ba ka RPN, wato lambar da ake jera matsalolin da ita bisa haɗari:

```
=B2*C2*D2
```

Mu gwada da makin misali. Bel ya karkace yana gogar ƙarfe: muni 5, aukuwa 7, ganowa 3 tunda ido na gani, ya ba da 105. Boris ɗin babbar rola ya ƙone saboda ƙarancin giris: layi zai tsaya cak, muni 7, aukuwa 4, ganowa 7 domin yana lulluɓe, ya ba da 196. Igiyar gaggawa kuwa, a ja ta inji ya ƙi tsayawa: muni 10, don hannun mutum ne a ciki, aukuwa 2, ganowa 4 in ana gwada ta duk mako. Ka ga 80 kacal.

To, wa zai bar wannan ya tafi daidaita bel? Makin nan matsayi ne kawai, ba awo ba ne, muni 10 ba ninkin muni 5 ba ne. Shi ya sa ƙa'idar 2019 ta AIAG da VDA, ƙungiyoyin masana'antar motoci na Amurka da Jamus, ta ajiye RPN, ta koma ga tsarin da ke fara duba muni. Kai ma a Data, Sort, ka fara jerawa da muni, sannan Add Level ka sa RPN, duka biyun daga babba zuwa ƙarami. Duk mai 9 ko 10 a taɓa shi tukuna.

Bayan gyara a sake ba da maki. Idan kun fara auna zafi da girgizar boris kowane mako, ganowa na iya sauka zuwa 3, 196 ya koma 84. Muni dai ba ya motsi sai an canza ƙirar injin. Makin aukuwa kuma kada ka ƙirƙiro shi a ofis, ɗauko littafin gyare-gyare ka zauna da makanikai ku ƙirga sau nawa boris ya ƙone bara.