Da wane harshe zan tallata ɗinkina?

"Ni tela ce a Kano. Masu saye nake nema a cikin gari, amma ina son 'yan Abuja da Legas su ma su gani. In yi rubutu da Hausa ko da Turanci?"

'Yar'uwa, duba saƙonni ashirin na ƙarshe da suka zama ciniki, ba waɗanda suka tsaya a "nawa ne?" ba. Harshen da masu biyan kuɗin suka rubuto da shi, shi ne naki. In sha biyar Hausa ne, to bayanin yadi, awo da ranar karɓa duk su zama da Hausa, ki ƙara layi ɗaya na Turanci a ƙasa mai ɗauke da sunan kayan, farashi da cewa kina aikawa wasu garuruwa. Ɗan Legas abin da yake nema ke nan.

Abin da ban so shi ne gwamutsa harsunan a cikin jimla ɗaya. Matasan Kano da Kaduna za su gane, amma hajiyar da ba ta yi boko ba, za ta tsallake, haka ma mutanen Maraɗi da Damagaram, tunda su Faransanci suka yi a makaranta. Maɓallin fassara ma yakan rikice da irin wannan rubutu.

Farashi kuwa ki sa da lambobi, ₦15,000, kowa ya karanta.