Dashbod mai sabuntawa duk minti biyar: yadda za ka san kuɗinsa tun kafin faktir ta zo

Tambaya daga wani mai karatu a Garwa: "Assalamu alaikum Malam. Ni ke kula da bayanan wani dillali mai wakilai 150 masu tura kuɗi da sayar da kiredi. Cinikinmu na shekara biyu yana cikin BigQuery, dashbod ɗin kuma Looker Studio ne mai zane takwas, yana sabuntawa sau ɗaya a rana, ba mu taɓa biyan ko sisi ba. Yanzu Alhaji yana so ya riƙa ganin komai duk minti biyar a talabijin ɗin ofis. Nawa zai ci mana, kuma yaya zan hana kuɗin wuce gona da iri?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka yi daidai da ka tsaya yin lissafi kafin ka taɓa saitin, domin rashin biyan da kuke yi yanzu ba ya nuna aikinku ba shi da nauyi. Kuna cikin kason kyauta ne kawai, kuma minti biyar zai fitar da ku daga ciki tun ranar farko.

A tsarin biyan gwargwadon amfani, BigQuery ba ya duba yawan amsar da ya ba ka. Yawan bayanan da ya karanta kafin ya samo amsar yake aunawa. TiB ɗaya na farko a kowane wata kyauta ne, wato GB 1,024, daga nan kowane TiB dalar Amurka 6.25 ne a yankin US, wasu yankunan kuma sun ɗan fi haka. Sannan kowane zane a dashbod yana aika tasa kweri daban, wato tambayar da yake yi wa BigQuery. Saboda haka lissafin abu uku ne ake ninkawa: nauyin kweri ɗaya, yawan zane, da yawan sabuntawa a rana.

Na farkon kada ka yi masa kintace. Kwafi kwerin ɗaya daga cikin zanenka, ka liƙa ta a editan BigQuery ba tare da ka danna Run ba, zai nuna maka a gefe yawan abin da za ta karanta. Wannan gwajin ba a biyansa.

Bari mu ɗauka wakilanka suna yin ciniki 20,000 a rana, kuma kolam ɗin da zane ke karantawa sun kai bait 70 a kowane layi. A shekara biyu hakan ya kai kusan GB 1. Idan teburin ba a raba shi ba, kowace kweri sai ta bi shekara biyun nan gaba ɗaya, ko da cinikin yau kaɗai take nema. Zane takwas sun ci GB 8 ke nan a sabuntawa ɗaya. Sau ɗaya a rana ya ba da GB 240 a wata, shi ya sa ba ku ga faktir ba. Duk awa kuwa sau 24 ne, GB 5,760 a wata, wanda bayan cire kason kyauta zai kama dalar Amurka 29. Duk minti biyar sau 288 ne a rana, GB 2,304 kullum, TiB 67.5 a wata. Cire ɗaya na kyauta ka ninka da 6.25, ka sami dalar Amurka 416, kusan sefa 250,000 idan an yi canji a kan sefa 600. Kason kyauta na wata guda zai ƙare cikin awa goma sha ɗaya. Kuma kuɗin ba zai tsaya nan ba, tunda teburin yana ƙaruwa kowace rana.

Wannan lissafin na talabijin ne da ke buɗe dare da rana yana sake loda shafin. Saitin Data freshness na Looker Studio ba shi ke aika kweri da kansa ba. Yana faɗin tsawon lokacin da za a ci gaba da nuna tsohuwar amsar da aka ajiye ne, kuma ga BigQuery yana zuwa a kan awa 12 in ba ka canza ba. Sai wani ya buɗe ko ya sake loda shafin bayan lokacin ya cika ake tambayar BigQuery. Allon da ba a kashewa shi ne mai kallon da ya fi kowa tsada.

Mutane kan dogara da abu biyu da ba sa ceto a nan. Sa LIMIT 100 ba ya rage abin da aka karanta a irin wannan tebur, amsar kawai yake gajartawa. Haka ma ajiyar amsa ta BigQuery, wadda ke ba da amsar kwerin da aka maimaita kyauta na kusan awa 24, tana rushewa da zarar teburin ya canza. Teburin da ciniki ke shiga duk bayan minti kaɗan kusan ba ya amfana da ita.

Maganin da ya fi kowanne tasiri shi ne raba teburin rana-rana, yadda kwerin yau za ta buɗe aljihun yau kaɗai ta bar sauran a rufe:

```sql
CREATE TABLE kasuwa.ciniki_rana
PARTITION BY rana
OPTIONS (require_partition_filter = TRUE) AS
SELECT *, DATE(lokaci, 'Africa/Douala') AS rana
FROM kasuwa.ciniki;
```

Lura da 'Africa/Douala'. In ka bar shi, BigQuery zai yanka ranar da agogon UTC, mu kuma muna gaba da awa ɗaya, sai cinikin tsakanin sha biyun dare da ƙarfe ɗaya ya faɗa cikin jiya, jimillarka ta saɓa da littafin wakili. Shi kuwa require_partition_filter yana ƙin duk kwerin da ba ta faɗi ranar da take so ba. Ka sa kolam ɗin rana ya zama Date range dimension na kowane zane, ka kuma juya shigar sabon ciniki zuwa sabon teburin. Zanen da aka manta ba a sa masa rana ba, zai nuna kuskure a fili, kuma gara hakan da ya ci kuɗi a ɓoye.

Yanzu cinikin yini ɗaya bai wuce MB 1.4 ba, sai dai ba haka za a caje ka ba. BigQuery yana da mafi ƙarancin caji na MB 10 a kan kowane tebur da kweri ta taɓa. Zane takwas MB 80 ke nan a sabuntawa ɗaya, sau 288 ya zama GB 22.5 a rana, GB 675 a wata. Kun dawo cikin kyauta. Amma a nan ne lissafin yake canza fuska, domin daga yanzu ba girman bayanai ke jan kuɗi ba, yawan kweri da yawan tebur ne. Idan kowane zane yana haɗa teburin ciniki da wani ƙaramin tebur na sunayen wakilai, cajin ya koma MB 20, wata ya koma GB 1,350, kun sake tsallake kason. Don haka ka sa sunan wakili da unguwarsa cikin teburin cinikin tun wurin shigarwa. In kuma wata rana aka ce a mayar da shi duk minti ɗaya, sau 1,440 ne, sama da TiB 3 a wata a kan bayanan da ba su kai hoton waya ɗaya nauyi ba.

Shawarata ita ce kada zane takwas ɗin su bi agogo ɗaya. Ka zauna da Alhaji ka tambaye shi wane adadi ne in ya gani yanzu zai ɗauki waya ya ba da umarni. Galibi ragowar kuɗin hannun kowane wakili ne, da jimillar yau, da wakilin da ya yi shiru bai yi ciniki ba. Waɗannan su zauna a kan tushen bayanai mai minti biyar. Kwatancen wata da wata ko na bara da bana kuwa ba ya motsi cikin minti biyar. Ka haɗa musu ƙaramin teburin taƙaitawa da kweri mai jadawali sau ɗaya da asuba, tushensu ya tsaya a awa 12. Ka kuma sa allon ya riƙa aiki daga bakwai na safe zuwa tara na dare kawai, sabuntawa 168 maimakon 288. Zane uku a haka ba su kai GB 5 a rana ba.

Ka duba kuma sau nawa bayanan suke isowa. In wayoyin wakilan Pitowa ko Gider sai rezo ya dawo suke turo ciniki, ko manhajarku duk rabin awa take lodawa, to biyar cikin kowace sabuntawa shida abu ɗaya suke sake karantawa. In kuma za ka ƙara saurin lodin, akwai iyakar lodi 1,500 a kan tebur ɗaya a rana, kuma wanda ya gaza ma ana ƙirga shi. Duk minti biyar yana da sarari sosai, duk minti ɗaya kuwa 60 kacal ya rage maka na sake gwadawa.

Saura shinge. Budget da ake sawa a sashen Billing saƙo kawai yake aikowa, ba ya tsayar da komai, kuma saƙon kan iya makara. Abin da ke tsayarwa shi ne kota: shiga shafin Quotas, ka nemi Query usage per day na BigQuery API, ka rage shi. Ka kula da ma'aunin da akwatin yake nema, MiB ne ko TiB, kafin ka rubuta adadi. In lissafinka GB 22.5 ne a rana, sa kamar GB 50, domin duk wanda ya buɗe a wayarsa ya zaɓi wata unguwa ko wani wakili sabuwar kweri ya aika, kai ma kana buƙatar wurin gwaji. Kada ka matse shi sosai saboda wani dalili: kotar tana komawa sabuwa ne da sha biyun daren agogon yammacin Amurka, wato ƙarfe takwas ko tara na safe a Garwa gwargwadon lokacin shekara. In ta ƙare da la'asar, duk zanen za su nuna kuskure har washegari da hantsi, sai dai mai izini ya shiga ya ɗaga ta, kuma kwerin asubar nan ma ba za ta gudana ba.

A makon farko ka riƙa auna abin da aka ci a zahiri:

```sql
SELECT DATE(creation_time, 'Africa/Douala') AS rana,
  COUNT(*) AS kweri,
  ROUND(SUM(total_bytes_billed)/POW(1024,3), 1) AS gb
FROM `region-us`.INFORMATION_SCHEMA.JOBS
WHERE creation_time > TIMESTAMP_SUB(CURRENT_TIMESTAMP(), INTERVAL 7 DAY)
  AND job_type = 'QUERY'
GROUP BY rana ORDER BY rana;
```

Ka canza region-us zuwa yankin da bayananku suke. Yadda za ka karanta sakamakon kuwa: idan yawan kweri ya yi daidai da lissafinka amma GB ya haura, akwai zanen da har yanzu yake karanta tsohon teburin ko kwanaki masu yawa. Idan kuma kwerin ne suka ninka, GB na kowace ɗaya bai canza ba, duba Data credentials na tushen bayanan. In yana kan Viewer's credentials, kowane mai kallo da tasa ajiyar amsa, mutum goma za su aika kweri ɗaya sau goma. Mayar da shi Owner's credentials don su yi tarayya a ajiya ɗaya, muddin babu adadin da ake ɓoye wa wasu daga cikinsu.