Baƙin dayis da bilicin: me ya sa gashina ya fito dabbare-dabbare?

Tambaya: Anti, shekara 2 ina shafa baƙin dayis na kwali duk bayan wata 2. Na je salun a mayar min da gashin ruwan zuma, aka sa masa bilicin, sai gindinsa ya yi fayau, tsakiya ya yi ja, bakinsa kuma ko gezau. Laifin mai gyaran ne?

Amsa: 'Yar'uwa, sannu, na san da ciwo. Amma tun kafin ki shiga salun aikin ya riga ya cakuɗe.

Dayis ɗin nan cikin silin gashi yake shiga. Amoniya ke buɗe ɓawon gashin, ƙananan ƙwayoyin rini irin su PPD su kutsa ciki, sai ruwan farokside ya haɗe su su zama manya, ƙofar da suka shigo ta yi musu kaɗan. Shi ya sa wanki ba ya fitar da shi.

To yi lissafi. Gashi na tsiro kamar santimita 1 a wata. In duk kan kike shafewa kowane karo, tsohon gashin da ke baki ya sha rini sau 12, na tsakiya wataƙila sau 6, sabon tsiro kuwa bai taɓa gani ba. Bilicin ɗaya aka ɗora wa gashi iri uku. Ga shi ɗumin fatar kai na ƙara wa maganin sauri a gindi, sai can ya riga ko'ina haske.

Jan da kika gani hanyar ce dole. Baƙi ba ya tsallakawa zuwa ruwan zuma, sai ya bi ta ja, ya bi ta ruwan goro, sannan rawaya, kuma jan shi ya fi taurin kai. Asalin launinki ma ba ya nan a ƙarƙashi yana jira, domin farokside ɗin cikin kwalin ya ɗan cinye shi tun farko. Shafa wani dayis mai haske a kai ba zai ɗaga baƙin ba.

Abin da ya fi damuna shi ne kada ki yarda a sake zuba bilicin a makon nan, balle in kina sa rilaksa. Ki jiƙa sili ɗaya ki ja. In ya miƙe kamar cingam bai koma ba, ki tsaya nan, karyewa zai yi.

In gashin da sauran ƙarfi, a fara da maganin cire rini, wanda ke ƙanƙantar da ƙwayoyin su fita, a wanke sosai, in ba haka ba baƙin kan dawo. A gwada a ɗan tsagi na ƙeya tukuna. Sannan a bi wuraren duhun kaɗai da bilicin, da tazarar makonni tsakanin zama da zama. In kin taɓa shafa baƙin lalle, ki faɗa wa mai gyaran kafin ta haɗa komai, domin wani lallen na ɗauke da gishirin ƙarfe mai sa gashi zafi idan ya haɗu da farokside.