Lasifika biyu, amma sahun baya ba sa ji

"Maigida, jiya a filin wa'azi na sahun baya sun ce ba sa ji. Na ƙara lasifika ta biyu kusa da ta farko, amma na'urar awo ta tashi daga 70 zuwa 73 kawai. Ko ta biyun ta lalace ne?"

Lafiyarta ƙalau, ɗana. Ukun nan da ka gani shi ne daidai abin da ya kamata ta ba ka.

Desibel, wato ma'aunin ƙarar sauti da na'urarka ke nunawa, ba a tara shi kamar kuɗi. Duk lokacin da ƙarfin sauti ya ninka, desibel 3 ne ke ƙaruwa. Lasifika biyu iri ɗaya, ƙarin 3. Huɗu, ƙarin 6. Sai ka jera goma kafin ka sami ƙarin 10, kuma a wajen goman nan ne kunnen mutum ke jin kamar ƙara ta ninka. Shi ya sa mutanenka suka ce ba su ji wani bambanci ba.

Nisa ne ya cuce ka. A buɗaɗɗen fili, duk sa'ad da nisa ya ninka, desibel 6 ke zubewa. A ce lasifikarka tana ba da 100 a mita ɗaya. A mita 2 ta koma 94, a mita 4 ta koma 88, a 8 kuma 82, a 16 saura 76. Wanda ke zaune a mita 32 yana samun 70, ga hayaniyar jama'a da kukan janareta suna danne ta. A cikin masallaci ko zauren biki ba ta raguwa haka, domin bango na dawo da sauti, amma fili ba ya dawo maka da komai.

To a ce ka nace ka tara goma a gaba. Na baya sun sami 80, amma dattijon da ke mita 2 yana shan 104. Wannan cutarwa ce, domin ko 100 bai kamata kunne ya wuce kwata ɗin awa a cikinta ba.

Ga abin da za ka yi. Ɗauki ta biyun, ja mata waya, ka kafa ta a kan sanda mita 24 daga gaba, tana fuskantar baya. Yanzu mita 8 ke tsakaninta da sahun ƙarshe, za su sami wajen 82. Lasifika guda ta ba su ƙarin 12, na gaba kuma ba a taɓa kunnensu ba.

Sai dai ka kula, wuta a waya ta fi sauti a iska sauri nesa ba kusa ba. Sauti na cin wajen mita 343 a daƙiƙa, don haka ta bayan za ta riga ta gaba magana, a riƙa jin kalma sau biyu. Nemi wurin da aka rubuta `DELAY` a kan na'urarka, ka jinkirta ta bayan kaɗai, ka ba kowace mita kusan `3 ms`, wato kashi uku cikin dubu na daƙiƙa. Na mita 24, sa `70 ms`, sannan ka taka da ƙafarka zuwa sahun baya ka saurara kafin malam ya iso.